Juya haruffa: kalmomin da ba a fassarawa a hoton allo

Juya haruffa shi ne a ɗauki kalma daga wani irin rubutu a rubuta ta da baƙaƙen wani, sautinta yana nan, ma'anarta ba a taɓa ba. Wanda ya taɓa mayar da wasiƙar ajami zuwa boko ya san aikin, don maganar ba ta canza ba, baƙaƙen ne kawai suka canza. Fassara kuwa ma'ana take ɗauka, ta bar sautin. Duk wanda aka turo masa hoton allon titi ko na shago aka ce ya faɗi abin da ke jiki, ko ya haska allon da kyamarar waya don manhaja ta fassara masa, sai an yanke wannan hukunci a kan kowace kalma: wannan a fassara ta, wannan a juya haruffanta.

Ni abin da nake tambayar kaina kullum shi ne, me mai karatu zai yi da kalmar? In fahimtarta yake bukata domin ya san abin yi, a fassara masa. In kuwa faɗinta zai yi ga direban tasi, ko ya neme ta a taswira, ko ya gwada ta da wani allo a gaba, to sautinta yake bukata, kuma fassara cutar da shi za ta yi.

Mu ɗauki hoton da aka ɗauka a tsakiyar birnin Alƙahira, inda abu huɗu suka fito: ميدان التحرير da kibiya a gefensa, sai شارع قصر النيل, sai ƙaramin allo mai cewa ممنوع الانتظار, can baya kuma a jikin wani gini an rubuta بنك مصر.

Na uku shi ne mafi sauƙi, domin umarni ne. In aka juya haruffansa aka rubuta "mamnu'ul intizar", wanda bai iya Larabci ba bai ƙaru da komai ba. Fassara yake so, kuma fassarar ma'ana, don kalma da kalma cewa yake "an hana jira", alhali a bakin titi a Masar abin da ake nufi shi ne an hana ajiye mota a nan.

Na farko kuwa rabi da rabi ne, kuma a nan ne yawancin aikin yake. Sunan wuri kan zo da kashi biyu: kalmar da ke faɗin irin wurin, da kalmar da ke bambanta shi da sauran irinsa. "Midan" dandali ne, kowane gari yana da nasa, saboda haka a fassara shi. "Tahrir" ma'anarsa 'yantarwa, amma a nan ya riga ya zama suna, sai a bar shi da sautinsa. Shi ya sa tun zanga-zangar 2011 kunnenmu ya saba da Dandalin Tahrir. Wanda ya tsaya a titi yana tambayar "dandalin 'yantarwa" zai daɗe bai samu mai nuna masa hanya ba. Haka na biyu: "shari'" titi ne, sauran kuma suna, wato Titin Qasr al-Nil. Ma'anarsa Fadar Nilu, kuma babu laifi a faɗa wa mai karatu hakan sau ɗaya a gefe in yana sha'awa, muddin bai zata shi ne sunan da zai nema ba.

Sai dai juya haruffan ma ba shi da hanya ɗaya. Larabcin allo yawanci ba ya zuwa da wasali, mai juyawa ne ke cike su da saninsa. Sannan rubutu yana cewa "al-Nil", baki yana cewa "an-Nil", mutanen Alƙahira kuma ba sa furta harafin ƙaf da ke farkon "Qasr", sai ka ji kamar "Asr en-Nil". Wanne za a ɗauka? In allon yana da layi na biyu da baƙaƙen boko, a kwafi wannan yadda yake, ko da bai yi wa mutum daɗi ba, domin shi matafiyin zai sake gani a kwana ta gaba. In babu, a bi yadda taswira ke rubutawa, kuma a tsaya a kan salo ɗaya har ƙarshen aikin. Rubuta suna ɗaya iri biyu a shafi ɗaya yakan sa mutum ya ɗauka tituna biyu ne.

Na huɗu shi ne tarkon. Kalmomi biyu ne da kowa zai iya fassarawa, "Bankin Masar", kuma nahawun fassarar daidai ne. Amma wannan sunan wani banki ne na kasuwanci da Talaat Harb ya kafa a 1920, wanda da kansa yake rubuta sunansa Banque Misr. Mai karanta "Bankin Masar" zai iya ɗauka babban bankin ƙasa ake nufi, wanda wata hukuma ce dabam. Ga sunan kamfani ko tambarin kaya, ba ma juya haruffa da kanka za ka yi ba, nemo yadda masu sunan suka rubuta shi za ka yi. Kamfanin madara na Saudiyya المراعي, ma'anar kalmar wuraren kiwon dabbobi ce, amma sunansa Almarai, a haɗe, yadda yake a jikin kwalinsa. A ƙasar Sin ana rubuta 可口可乐, ana furta shi kamar "kekou kele", ma'anar baƙaƙen kuma wani abu ne kamar mai daɗi mai faranta rai. Fassara ba ta dace ba, juya haruffa ma bai dace ba, don sunan daga waje ya shiga, kuma abin da ya kamata a rubuta shi ne Coca-Cola.

To ta yaya ake gane suna a cikin hoto? A rubutun boko babban baƙi yakan taimaka, amma Larabci da Sinanci da Koriyanci ba su da shi. Sai a koma ga abin da ido ke gani. Kalmar da ta fi girma, mai launi ko salon rubutu na daban, mai tambari a gefe ko 'yar alamar ®, yawanci suna ce. Wadda aka maimaita a ƙofa da rumfa da jikin motar kamfani, ita ma haka. Kalmar da ta zo bayan "titi", "otal" ko "asibiti" suna ce ko da tana da ma'ana. A nan ne manhajar kyamara takan yi tuntuɓe, domin sau da yawa baƙaƙen take kwashewa ta bar girmansu da launinsu. Kalmar Koriyanci 현대 tana nufin na zamani, kuma ita ce Hyundai. A tsakiyar jimla a jikin gidan kayan tarihi tana iya zama "na zamani", a saman shagon sayar da motoci kusa da tambari kuwa babu shakka kamfanin ne. Alamar an yi kuskure ita ce fassara ta fito da Hausa mai kyau amma ba ta dace da wurin ba, kamar a ga "taurari uku" a kan shagon wayoyi, alhali Samsung aka rubuta, sunan da ma'anarsa ke nan a Koriyanci.

In hoton ya yanke gefen allo, ko kalmar ta tsaya tsakanin suna da ma'ana ba a iya rarrabewa, ni nakan ba da duka biyun: sautin a gaba, ma'anar a bayansa, tare da gaya wa mai hoton ya sake ɗauko wani daga ɗan nesa yadda ginin da maƙwabtan allon za su fito.