Wai me ya sa wani jirgi ke sauka cikin hazo wani kuma a juya da shi? Bayanin VFR da IFR

Duk sanda aka ce an ɗage tashin jirgi ko an karkatar da shi wani gari saboda hazo, sai ka ji maganganu iri biyu suna yawo. Wasu su ce ƙarya ce kawai kamfani ke yi, ai jiragen yanzu da na'ura suke tafiya, ina ruwansu da hazo. Wasu kuma tsoro ne ke kama su, wai ashe in jirgi ya shiga gajimare matuƙi ba ya ganin komai, lalube kawai yake yi da rayukan mutane. Duka biyun ba haka abin yake ba, akwai doka a rubuce da lambobinta, kuma kusan duk ƙasashe daga tsarin ICAO suka ɗauko tasu, wato hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kowace ƙasa ta ɗan gyara nata.

Hanya biyu ce doka ta yarda a tuƙa jirgi da ita. Ta farko VFR, tuƙi da ido. Matuƙi na leƙa waje, yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, da shi yake gane jirgin ya miƙe ko ya karkace, kuma nauyin ganin wani jirgi da kauce masa a wuyansa yake. Ƙananan jirage, masu koyon tuƙi da yawancin masu saukar ungulu nan suka fi yawa. Ta biyu IFR, tuƙi da na'ura: ka shigar da tsarin tafiyarka, masu kula da zirga-zirga su ba ka izini, su ba ka hanya da tsayin da za ka bi, su ne kuma ke raba ka da sauran jirage a sararin da suke kula da shi. Manyan jiragen fasinja kusan kullum a IFR suke ko da rana ce tarwai babu ɗigon gajimare, don haka IFR ba yana nufin yanayi ya ɓaci ba ne. Yanayin kansa sunansa daban, in ya kai a yi tuƙi da ido ana ce masa VMC, in ya gaza kuma IMC.

To nawa ne "ya kai"? A tsarin ICAO, in kana ƙasa da ƙafa 10,000 galibi dole ka iya hangen kilomita 5 a gabanka, ka bar mita 1,500 tsakaninka da gajimare ta gefe, da ƙafa 1,000 ta sama ko ta ƙasa. Daga ƙafa 10,000 zuwa sama hangen ya koma kilomita 8. Ba kara-zube aka zaɓi lambobin ba. Ƙasa da ƙafa 10,000 galibi an ƙayyade gudu kada ya wuce not 250, kusan kilomita 460 a awa kenan, to ka ɗauka jirage biyu sun tunkari juna kowa da wannan gudun, kilomita 5 ɗin nan cikin kamar daƙiƙa 20 za su cinye ta, a ciki ne za ka hango shi, ka gane ashe kanka ya yo, ka juya. A can sama babu wannan ƙayyadewar, shi ya sa aka ƙara nisan. Tazarar gajimare kuma saboda mai IFR ne, shi yana da ikon ratsa gajimaren, zai iya faso kai a gabanka kwatsam, ana so ku sami sarari ku ga juna.

A filin jirgin da ke da hasumiya mai kula da kewayensa, mai VFR ba zai tashi ko ya sauka ba sai rufin gajimare ya kai ƙafa 1,500 daga ƙasa, hange kuma kilomita 5. Akwai ƙofar sassauci da ake kira VFR na musamman, hasumiya za ta iya ba ka in hange bai gaza mita 1,500 ba kuma ba za ka shiga gajimare ba, amma izini ne ake roƙa, ba haƙƙi ba. Amurka nata lambobin daban ne kaɗan, mil 3 da rufin ƙafa 1,000, amma tunanin ɗaya ne.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa. Mutane sun ɗauka tunda IFR da na'ura ake yi, to babu iyaka. A sama gaskiya ne, za ka yi awanni cikin gajimare ba ka ga komai ba kuma babu laifi. Amma sauka fa a yawancin lokuta da ido ake ƙarasa ta. Kowane titin jirgi yana da takardar sauka, a jikinta akwai lambobi biyu: tsayin da za ka sauko ka yanke shawara, da mafi ƙarancin hangen da ake buƙata. A na'urar ILS mataki na farko, wadda ke aiko wa jirgi sigina ta ɗora shi kan tsakiyar titi da kan gangaren sauka, tsayin ba ya gaza ƙafa 200, hangen kan titi kuma, wanda ake kira RVR, ba ya gaza mita 550. Mataki na biyu yana kaiwa ƙafa 100 da mita 300, na uku ya yi ƙasa da haka, nan ne jirgi ke sauke kansa da kansa. Amma sai abu uku sun haɗu, filin yana da kayan kuma suna aiki, jirgin yana da shaidar yin hakan, matuƙan ma an horar da su a kai. Ɗaya ya gaza, an koma lambar da ta fi tsauri.

Bari mu ɗauki misali. Rahoton yanayi ya fito da wannan a cikinsa:

```
1200 HZ BKN008
```

Ma'ana hange mita 1,200, hazo, gajimare ya rufe yawancin sama a ƙafa 800. Mai ƙaramin jirgi na VFR magana ta ƙare, bai samu kilomita 5 ba, bai samu ƙafa 1,500 ba, ko na musamman ɗin ma ba za a ba shi ba tunda 1,200 ba ta kai 1,500 ba. Jirgin fasinja da ke zuwa kan ILS mataki na farko kuwa lafiya lau, abin da yake nema 550 ne. Zai biyo gangare mai digiri 3, yana gudun kamar not 140, yana sauka wajen ƙafa 700 a minti, ya fito daga gajimare a wajen ƙafa 800, ya ci gaba cikin hazo har fitilu su bayyana. A ƙafa 200 saura kamar mita 870 ya kai bakin titi, saura kuma ƙasa da daƙiƙa 20 ya taɓa ƙasa. Za ka ce to in hange 550 ne kacal ta yaya zai ga titin da ke mita 870? Ba titin yake fara gani ba, jerin fitilun da aka shimfiɗa kafin titin ne, cikakkensu na kai mita 900. Shi ya sa in fitilun nan suka mutu, lambar hangen da ake buƙata sai ta hau nan take ko da ILS ɗin ƙalau take.

To a ce ranar ILS ɗin ce ba ta aiki, sai an bi wata hanyar sauka da ba ta nuna gangare, a ce takardar ta rubuta ƙafa 500 da hange mita 2,000. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, hazo ɗaya, amma yau ba zai sauka ba. Doka ma ba ta bari ya ce bari in je in gwada sa'a: in rahoto ya nuna hange bai kai lambar ba, ba zai ci gaba da saukowa ƙasa da ƙafa 1,000 daga filin ba. In kuma rahoto ya kai, ya sauko har tsayin yanke shawara bai ga fitila ko titi ba, sai ya ba injin wuta ya koma sama. Wannan ɗagawar da fasinja ke salati su ce sun tsallake rijiya da baya, bin doka ne tsantsa, a takardar ma an zana masa hanyar da zai bi in ya fasa. Kuma tun kafin tashi ya ɗauki man da zai kai shi can, ya kai shi filin ko-ta-kwana, da ƙarin na minti 30 in jet ne.

Abin da ni ke ba ni haushi a nan, fushin kan matuƙi da kamfani yake sauka, alhali sau da yawa abin da ya raba filin da ake sauka da wanda ake juyawa kayan da ke ƙasa ne. Matuƙin da ya sauka ƙasa da lambar shi za a tuhuma, hukumar ƙasar da ta ba shi lasisi na iya dakatar da shi ko ta ƙwace, kamfani ma a ci shi tara. Shi kuwa wanda ya bar fitilu suka mutu, ba kasafai fasinja ke jin sunansa ba.

Masu cewa lalube ake yi a gajimare kuwa, haɗarin yana wajen mai VFR da ya kutsa ciki ne. Kunnen ɗan Adam na ciki, wanda ke gaya maka ka miƙe ko ka karkata, in jirgi ya daɗe yana kwana a hankali sai ya daina jin kwanar, jikinka ya rantse maka a miƙe kake alhali kana gangarowa a karkace, in ka ja hancin jirgin don ka hau sai kwanar ta ƙara tsukewa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon na'ura, aka rufe musu ganin waje, dukansu jirgin ya ƙwace musu, matsakaicin lokacin daƙiƙa 178. Horon IFR shi ne koyon ƙaryata jikinka ka gaskata allo.

Kuma lambar doka ba garanti ba ce. John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, yana tuƙa ƙaramin jirgi ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard a Amurka ranar 16 ga Yulin 1999, da dare cikin hazo, ba shi da shaidar IFR, kuma rahotannin hange na daren ba su hana VFR ba, sai dai a kan ruwa cikin duhu babu layin da ya raba sama da ƙasa. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ruɗewar jiki ta ɗora wa laifin. Jirgi mai saukar ungulu da ya kashe ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da mutum 8 ranar 26 ga Janairun 2020 shi ma ruɗewar ce, bayan ya shiga gajimare a kan VFR. Matuƙin yana da shaidar IFR, amma kamfanin VFR kawai aka yarda ya yi da fasinja, a hanya har VFR na musamman ya nema aka ba shi. A ganina nan ne dokar ta yi sako-sako, tana auna kilomita nawa kake hangowa amma ba ta cika tambayar me kake gani a cikin kilomitocin ba, shi ya sa wasu ƙasashe suka ƙara wa VFR na dare sharuɗɗa da horo na daban, wasu ma ba sa barinsa sai da izini.