Na tura ma ɗan damfara kuɗɗi, mi zan yi a awa ta farko?

"Wani ya kira ni wai shi direban da zai kawo mini kaya daga Kwanni ne, mota ta lalace a hanya, na aika mishi jika hamsin ta ajans, yanzu lambarshi a kashe. Mi zan yi?"

Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amma kar ka zauna kana ta kiran lambar nan, hau kabu-kabu yanzu yanzu ka koma ajans ɗin da ka yi aiken, da resi da katin ɗan ƙasa a hannunka. Dalili kuwa, aiken ajans irin na Nita ko Amana ko Al Izza kuɗɗin ba su shiga aljihun mutum nan take, suna nan ajiye har sai ya je gishe ya bada kod ya nuna katinshi. To tsakanin nan ne damarka take. Ka miƙa ma mai gishe resin ka ce ya duba ko an cire, in ba a cire ba a tsaida aiken, ka faɗa mishi ƙarara damfara ce, kar kunya ta sa ka tsaya kwana-kwana. Ko layi ka tarar ka roƙi mutane su yi maka haƙuri, don shi macucin wataƙila yana kan babur zuwa wani gishen a daidai lokacin. In kuma ba ka riga ka ba shi kod ba to ka riƙe abinka, hoton resin ma kar ka tura mishi, kod ɗin na jiki.

"In ta waya na tura fa, Airtel Money ko Moov?"

Nan abin ya fi tsanani, don kuɗɗin na faɗawa asusunshi ne nan take. Kira masu kula da abokan ciniki na kamfanin, ka karanta musu lambar aiken da ke cikin saƙon da ya shigo maka da awa da adadin, ka nemi su rufe asusun kafin ya cire. In ka taɓa faɗa mishi lambar sirrinka ka canza ta tun kafin ka yi kiran ma.

"An ce an riga an cire, shi kenan?"

Wuce kwamisariya ko jandarmari ka kai ƙara yau ɗin nan. Kamfani ba zai ba ka sunan wanda ya cire da gishen da ya cire ba, sai hukuma ta nema a rubuce. Kar ka goge komi, hirar WhatsApp da muryoyin da ya aiko da lokacin kira duk ka ɗauki hotonsu, kuma don Allah kar ka zage shi, da ya gane shi zai goge nashi ya jefar da layin.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kiran da kan biyo baya, wani ya ce daga kamfani yake, a turo jika biyar ko kod ɗin da ya shigo wayarka a maido maka kuɗɗinka. Su ne dai suka dawo. Kashe wayar, ka ƙara wannan lambar cikin abin da za ka nuna ma 'yan sanda.