Mushe ya doki yaronka: yadda ake magana da mai lakwal

Mushe ya zane ɗana. In same shi a aji?

A'a. Na sha faɗa a taron iyaye. Ranar da ka ɗaga murya a ƙofar aji, an bar zancen dukan yaron ke nan, an koma kan tijarar da ka yi.

Ai mu ma da bulala muka yi karatu.

An ji. Amma tun 1981 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da takardar hana duka a lakwal.

In saka hoton raunin a zauren WhatsApp na iyaye?

Haba! Jikin ɗanka ne fa. Ɗauki hoton a ranar, rubuta kwanan wata, ka adana. Idan wurin ya kumbura ko ya fashe, a kai shi likita, a riƙe takardar.

Mushen ƙanen mai lakwal ne. In na yi magana, ba zai huce a kan yarinyata ba?

Yana iya yi, ba zan rantse maka ba. Ya danganta da halin mai lakwal, da kuma yadda ka shiga. Wani uba a unguwar Zariya, nan Maradi, ƴarsa tana CE2, an doke ta da tiyo a tafin hannu saboda ta kasa lissafi, har riƙe alli ya gagare ta. Ya bari ya huce, ya nemi ganin mai lakwal bayan an tashi, bai tafi da yarinyar ba. Da suka gaisa ya ce: "Alhaji, ban hana a hori ƴata ba, amana na kawo muku. Amma dubi hannun nan, ranar Talata ne." Bai ce a kori kowa ba, domin wanda ya nemi a kori ƙanen mutum ya rufe wa kansa ƙofa. Ya roƙi a ji ta bakin mushen, a ajiye tiyon, a kuma kira shi a waya idan ta yi laifi. Suka tsayar da ranar da zai dawo.

Daga nan sai sa ido. Ramuwa ba lallai ta zo da bulala ba: a daina gyara mata littafi, a mayar da ita bencin baya, ko ta fara ciwon ciki duk safiya. In ka ga haka, koma, ka nemi a canza mata aji idan CE2 ɗin biyu ne. Idan ɗaya ne, to, sai ka auna, wataƙila ka haƙura zuwa hutu ka canza lakwal. Kwantar da hankalinka, da yawa ba ta kai nan ba.

Mai lakwal ya ce zai duba, shiru har yau.

Rubuta takarda, ka riƙe kwafi, ka tafi da shugaban ƙungiyar iyaye. In aka sake yin shiru, sai ofishin sufeton makarantu.

In hana kuɗin makaranta?

Kada ka fara. Yaron za a koro, kai kuma ka zama mai laifi.