Sabbin magungunan barci masu toshe oreksin: bambancinsu da diyazifam da abin da za a iya gani bayan an sha

A karkararmu ta Kano da Jigawa, idan aka ce maganin barci, abin da aka sani shi ne diyazifam, wanda wasu ke kira baliyam, da 'yan uwansa irin su lekzotan. Yanzu kuma akwai wani rukuni na daban da ya fara shigowa hannun mutane. A jikin kwali za a ga an rubuta suvorexant, ko lemborexant, ko daridorexant. An amince da na farkon a Amurka a 2014, na biyun a 2019, na ukun a 2022. Suna da tsada, kuma ba kasafai ake samun su a kemis ɗin ƙauye ba. Abin da ya sa muke magana a kansu shi ne, wanda ya ɗauke su a matsayin wani sabon diyazifam zai sha su ba daidai ba, zai kuma iya cutar da kansa.

Diyazifam yana ƙara wa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi. Aikin wannan sinadari shi ne rage kuzarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma kusan ko'ina a cikin ƙwaƙwalwa akwai shi. Saboda haka idan an sha diyazifam, ba barci kaɗai yake kawowa ba. Jiki yana saki, tafiya tana zama da tangaɗi, mutum yana mance abin da ya faru, numfashi ma yana iya yin ƙasa, musamman idan aka haɗa shi da taramol ko kodin ko giya. Ga shi da daɗewa a jiki: rabinsa kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fita, a jikin tsoho ma ya fi haka. Wanda yake sha kullum, na yau yana tarar da na jiya. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'ida ta ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan sa don barci.

Sabbin magungunan ba su taɓa GABA ba sam. Abin da suke nufa shi ne oreksin, wani sinadari da aka gano a 1998, wanda wasu 'yan ƙwayoyi da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa suke fitarwa don su riƙe mutum a farke. Yana da gurabe iri biyu da yake sauka a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, magungunan nan uku kuma duka guraben biyu suke tarewa. Kamar masu kiɗan tashe mutane sahur ne: maganin bai kori makaɗan ba, kunnen mai barci ya toshe. Da saƙon farkawa ya daina isa, barcin da jiki ya riga ya tara sai ya sauko da kansa.

Daga nan ne bambancin da mai sha zai ji yake fitowa. Maganin ba ya kwashe mutum kamar an buge shi. Wanda ya saba da nauyin diyazifam yakan ce a daren farko bai ji komai ba, har ya yi sha'awar ƙara ƙwaya ta biyu, wanda kuskure ne babba. Ribarsa a gwaje-gwaje ta mintuna ce: barci ya zo da ɗan wuri, farkawar tsakar dare ta ragu, jimillar ƙarin da aka samu a kan wanda bai sha maganin gaske ba ba ta cika wuce rabin awa ba. A ganinmu wannan ba abin raini ba ne ga wanda ya yi watanni yana juyi a kan tabarma, amma a san iyakarsa. Inda ya fi tsofaffin magunguna shi ne, jiki ba ya kamuwa da shi yadda yake kamuwa da diyazifam, kuma idan an daina ba a cika ganin rawar jiki ko dawowar rashin barci mai tsanani ba. Duk da haka magani ne na takardar likita.

Awonsa ya bambanta. Ana fara suvorexant da miligiram 10, ba a wuce 20. Ana fara lemborexant da miligiram 5, ba a wuce 10. Shi kuwa daridorexant miligiram 25 ne ko 50. Dukansu sau ɗaya ake sha a dare, dab da kwanciya, kada ya wuce rabin awa tsakanin sha da hawa gado, kuma da sharaɗin akwai aƙalla awa 7 kafin lokacin tashi.

Wannan awa 7 ɗin ita ce ta fi ba mutanenmu wahala. Wanda zai tashi sallar asuba ƙarfe biyar, to ƙarfe goma na dare ne iyakar lokacin shansa. Idan ya zauna hira a majalisa har sha biyu sannan ya sha, kiran salla zai same shi maganin yana tsaka da aiki. Idan kuma ranar kasuwa ce ya hau babur da sassafe, ko ya tafi ɗibar ruwa a rijiya, ko ya tayar da injin niƙa, haɗarin a fili yake. Daren da aka makara, a haƙura da shi. Haka ma wanda ya farka ƙarfe biyu na dare, ba ya sha a lokacin. A watan azumi, tsakanin tarawi da sahur ba kasafai awa 7 take cika ba, don haka a yi shawara da likita tun kafin a ga wata. Abinci ma yana da tasiri. Idan aka ci tuwo da miya mai man shanu ko nama mai kitse aka ɗora maganin a kai, aikinsa yana iya jinkirta da awa ɗaya zuwa biyu, sai mutum ya zaci bai yi aiki ba, da safe kuma ya tashi da nauyin ido.

Nauyin ido da kasala da rana su ne illar da aka fi gani. A gwajin lemborexant, kimanin mutum 7 cikin 100 ne suka yi wannan kuka a kan miligiram 5, kimanin 10 cikin 100 a kan miligiram 10. Shi ne kuma ya fi daɗewa a jiki, rabinsa yana fita a awa 17 zuwa 19, na suvorexant kusan awa 12, na daridorexant kusan awa 8. Akwai ciwon kai da jiri, waɗanda sukan yi sauƙi.

Sai waɗansu illoli da ba su da yawa amma suna tsorata mutane, kuma tushensu ɗaya ne. Akwai wata cuta da ake kira nakolefsi, wadda ƙwayoyin da ke fitar da oreksin suke mutuwa, barci ya riƙa kwashe mutum farat ɗaya da rana tsaka. Tunda maganin toshe oreksin yake yi na 'yan awoyi, wani lokaci yakan kawo ɗan kamannin alamun wannan cuta. Na farko shi ne dannau: mutum ya farka yana ji yana gani, amma ya kasa motsi ko magana na 'yan daƙiƙu zuwa 'yan mintuna. Wani zai ga kamar mutum a tsaye a bakin ƙofa yayin da barci ke ɗaukarsa ko yake farkawa, ko ya riƙa mafarkai masu ƙarfi. Wani kuma gwiwoyinsa su saki na ɗan lokaci da rana. Idan waɗannan sun fara ne bayan an fara maganin, a fara zargin maganin kafin a tafi neman wani dalili. Suna wucewa da kansu, amma a gaya wa likita, domin sau da yawa rage awo ko canja magani ne mafita. Mai cutar nakolefsi kuwa ba a ba shi wannan magani ko kaɗan.

Abu biyu ba a jira da su. Idan aka ga mai shan maganin yana tashi cikin barci yana yawo, ko girki, ko fita waje, da safe bai tuna komai ba, a tsayar da maganin daga ranar. Idan kuma mai ciwon damuwa ya ƙara shiga ƙunci ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A ɗauki misalin dattijo mai shekara 68 da ya yi shekara biyu yana shan diyazifam miligiram 10 kowane dare. Ɗansa ya kawo masa lemborexant, ya ce: "Baba, a bar wancan, wannan ba ya kama jiki." Baba ya ajiye tsohon a daren nan ya ɗauki sabon. Kwana uku zuwa mako guda, hannunsa ya fara rawa, gumi yana karyo masa, gabansa yana faɗuwa, barcin ma ya ƙaurace gaba ɗaya. 'Yan gida za su ce sabon maganin ne bai karɓe shi ba. Ba shi ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ta saba da tallafin da diyazifam ke ba GABA, an janye shi lokaci guda, sabon maganin kuma ba ya aiki a wannan wurin balle ya cike gurbin. Irin wannan yankewa tana iya kai wa ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Yadda ake yi shi ne likita ya riƙa rage diyazifam ɗin kaɗan-kaɗan, misali miligiram 1 duk mako ɗaya zuwa biyu, a ƙara sassautawa idan an zo ƙarshe, abin da kan ɗauki watanni. Likitan ne kuma zai ce yaushe za a shigo da sabon, domin haɗa su biyun yana ƙara kasala da nauyin ido, tsoho ya tashi fitsari da dare ya faɗi ya karya ƙugu.

Kafin a rubuta wa Baba sabon maganin, dole a zazzage jakar magungunansa a gaban likita. Hanta ce take narkar da waɗannan magunguna ta wata hanya guda, kuma wasu magungunan da muke yawan bayarwa suna taɓa wannan hanya. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazafin na farfaɗiya suna hanzarta ta, maganin barcin ya fice bai yi komai ba. Kilaritoromaisin, ketokonazol, fulukonazol da ritonabir na masu cutar ƙanjamau suna rage mata gudu, maganin ya taru a jini, miligiram 5 ya yi aikin da ya fi awonsa nesa ba kusa ba. Mai ciwon hanta mai tsanani ba a ba shi. Mai ciki da mai shayarwa, da mai munsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, su faɗa wa likita tun farko. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba a amince a ba su ba.

Idan an yi kwana 7 zuwa 10 ana sha bisa ƙa'ida barci bai gyaru ba, ba ƙarin awo ake nema ba, komawa asibiti ake yi a binciki abin da ke hana barcin. A wajen dattijo irin Baba, sau da yawa yawan fitsarin dare ne daga ciwon suga ko kumburin mafitsara, ko ciwon gaɓɓai, ko damuwa, ko kuma goro da shayin da ake sha bayan magariba.