Kiriyatin a dambe da kokawa masu rukunin nauyi

Kiriyatin sinadari ne da hanta da ƙoda ke haɗawa, ana kuma samun sa a nama da kifi. Kusan kashi 95 cikin ɗari nasa yana cikin tsoka, inda yake taimakawa wajen sabunta kuzari a yunƙuri mai tsanani na 'yan daƙiƙoƙi, irin ruwan naushi ko ɗaga abokin karawa. Matsalarsa ga mai hawa sikeli kafin gasa ita ce yana janyo ruwa cikin tsoka, nauyi ya ƙaru.

Tarihi

Masanin kimiyya ɗan Faransa Michel Eugène Chevreul ne ya fara tace shi daga nama a 1832. A 1992 binciken Roger Harris da abokan aikinsa ya nuna cewa shan sa yana ƙara yawansa a tsoka, kuma daga wajajen gasar Olamfik ta Basalona a wannan shekarar ya bazu tsakanin 'yan wasa. A ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka rasu a Amurka suna ƙoƙarin zubar da nauyi cikin gaggawa. Da farko an zargi kiriyatin, amma rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na 1998 ya fi mayar da hankali kan ƙauracewa ruwa da motsa jiki cikin zafi. Daga nan aka tsaurara dokokin awo a kokawar jami'o'in ƙasar.

Sha da nauyi

Hanyar gaggawa ita ce giram 20 a rana, a raba kashi huɗu, na kwana biyar zuwa bakwai, sannan a koma giram 3 zuwa 5. Takan ƙara kilo ɗaya zuwa biyu. Giram 3 kullum na kusan kwana 28 yana cika tsoka daidai da haka, sai dai nauyin yana hawa a hankali.

A ɗauki ɗan kokawar rukunin kilo 74 wanda ya saba kwana a 75.5. Idan ya bi hanyar gaggawa saura kwana goma a yi awo, zai iya wayar gari a 77, abin da zai zubar ya ninka. Ana gane ruwa ne idan sikelin safe ya hau cikin mako guda alhali cimarsa ba ta canza ba. Dainawa ana saura kwana uku ba ta fisshe shi, domin tsoka takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta koma yadda take. Shi ya sa ake yanke shawara tun farkon atisaye: ko a daina da wuri, ko a lissafa wannan ruwan cikin nauyin da za a tsara abinci a kansa. Lissafin ya fi tsauri a kokawar Olamfik, inda ake awo da safiyar ranar karawa. Ƙwararrun 'yan dambe galibi jajibiri suke hawa sikeli.

Doka da lafiya

Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ba ta haramta shi ba. Koken cewa yana sa ɗaurewar tsoka bai samu goyon bayan yawancin bincike ba. Mai ciwon ƙoda sai da shawarar likita.