Rubutun saƙon bidiyo na kiran maƙwabta zuwa gayyar tsaftace unguwa

Rubutun saƙon bidiyo na kiran gayyar tsafta shi ne jawabin da shugaban wata ƙaramar al'umma, kamar mai unguwa ko shugaban ƙungiyar mazauna, yake tsarawa a takarda kafin ya tsaya gaban kyamara ya roƙi maƙwabtansa su fito aikin kwashe shara da yashe magudanan ruwa. Ya bambanta da sanarwar da ake liƙawa a bango, domin kunne ake rubuta wa shi, kuma mai kallo a waya ba ya komawa baya don neman abin da ya wuce shi.

Tsawonsa ne abu na farko da ake yanke shawara a kai. Mai magana cikin natsuwa yakan furta kalmomi 120 zuwa 150 a minti ɗaya, saboda haka jawabin minti ɗaya bai kai rabin shafi ba. Ana gane rubutun ya yi yawa idan mai shi ya karanta da ƙarfi yana duban agogo, ya tarar sai ya yi sauri kafin ya gama. A nan gaisuwa ce ta fi cin lokaci, kuma shugabanni da yawa sukan ɓata daƙiƙa talatin suna jera sunayen manya, alhali mai kallo bai ma san abin da ake nema a wurinsa ba.

Misalin jawabin minti ɗaya yakan kasu kamar haka. Daƙiƙa goma na farko na sallama ne da faɗin matsayin mai magana da abin da ya kawo shi. Daga nan sai ya ambaci matsala guda ɗaya da kowa ya gani da idonsa, kamar ya ce: "Magudanar da ke bakin babban titi ta toshe da leda, kuma ruwan saman da aka yi ya shiga gidaje." Idan zai kawo dalilin lafiya, gara ya kawo wanda ake iya tabbatarwa, wato cewa a lokacin zafi sauro kan tashi daga ƙwai zuwa babba cikin mako ɗaya zuwa biyu a ruwan da ya kwanta. Sauran lokacin duka na roƙon ne: "Ranar Asabar, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, mu haɗu a bakin magudanar. Mai shebur ko manjagara ko baro ya zo da shi, wanda ba shi da komai ya zo hakanan, akwai safar hannu." Ana maimaita rana da wuri a ƙarshe, a kuma rubuta su a jikin bidiyon saboda masu kallo ba tare da sauti ba. Ya fi kyau a faɗi kwanan wata, domin bidiyon da ya ce "gobe" yakan ci gaba da yawo bayan goben ta wuce.

Wannan nacewa kan lokaci da wuri yana da tushe a ilimin halayyar ɗan Adam. Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999 cewa wanda ya ƙudurta lokacin da zai yi abu da inda zai yi shi ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya ga fatan alheri kawai. Faɗin lokacin tashi ma yana da amfani, domin mutum ya fi saurin bayar da awa biyu da ya san iyakarsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗa da jama'a. Shugaban da ransa ya ɓaci yakan ce kowa na zubar da shara a titi, babu wanda ya damu, yana zaton kunya za ta fito da su. Gwaje-gwajen da Robert Cialdini da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 sun nuna cewa mutane sun fi yar da shara a wurin da suka tarar da datti, wato suna bin abin da suka ga galibi na yi. Don haka jumlar da ta ce kowa na yi tana iya zama lasisi ga mai ji. Abin da ya fi shi ne a ambaci waɗanda suka riga suka amsa, idan da gaske akwai su, sannan shugaban ya ce shi ma zai kasance a wurin da nasa shebur.

Akwai abin da rubutu ba ya iya gyarawa. Idan ba a shirya motar da za ta kwashe abin da aka yaso ba, tulin yakan zauna a bakin magudana har ruwan sama ya mayar da shi ciki, kuma kira na gaba ba zai sami masu amsawa kamar na farko ba. Shi ya sa ake kammala magana da masu kwashe shara kafin a ɗauki bidiyon, a kuma sa jumla ɗaya da ke faɗin inda sharar za ta je da lokacin da za a ɗauke ta. Haka nan ana gargaɗi a taƙaice cewa kada yara su shiga magudana, kuma kada a ɗauki fasasshen gilashi ko allura da hannu.