Yadda ake raba kuɗin asusun tarayya a Najeriya

"Duk wata sai mu ji an zauna a Abuja an raba kaza. Wane kuɗi ne ake rabawa, kuma daga ina yake fitowa?"

Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a buɗe asusu guda, asusun tarayya, a riƙa zuba kuɗin da hukumomin tarayya suka tara a ciki. Nan ake zuba kuɗin ɗanyen mai da iskar gas, da harajin kamfanoni, da abin da kwastam ta karɓa a tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki. Kuɗin ba mallakin gwamnatin tarayya ba ne ita kaɗai. Haƙƙin matakai uku ne, wato tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma kwamitin rabon asusun tarayya, wato FAAC, wanda ministan kuɗi ke shugabanta tare da kwamishinonin kuɗi na jihohi, shi ke zama duk wata ya raba. Akwai harajin da ba ya shiga wannan asusu ko kaɗan. Harajin da ake cira daga albashin malamin makaranta a Katsina na gwamnatin Katsina ne, kuma irin wannan harajin albashi shi ne babban ɓangaren abin da ake kira kuɗin shiga na cikin gida.

"To yaya ake lissafin? Nawa kowa ke samu?"

Tun 2004 ake aiki da tsari guda: tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. Sai dai kafin a zo nan akwai abubuwan da ake cirewa, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Da farko hukumomin da suka tara kuɗin suna ɗaukar ladan aikinsu, kamar kashi 7 da kwastam ta daɗe tana riƙewa daga abin da ta tara. Sannan idan kuɗin na ma'adinai ne, sai a ware kashi 13 a miƙa wa jihohin da aka haƙo arzikin a ƙasarsu. Abin da ya rage bayan wannan shi ake rabawa uku.

Mu ɗauka, don misali kawai, naira biliyan 100 na kuɗin mai sun shigo bayan an cire ladan masu tarawa. Biliyan 13 sun tafi jihohin mai, saura biliyan 87. Tarayya ta ɗauki kusan biliyan 45.8, ƙananan hukumomi biliyan 17.9, jihohi 36 kuma su sami biliyan 23.2 su raba a tsakaninsu.

Wannan rabo na biyu shi ya fi shafar mai karatu. Kashi 40 na kason jihohi ana raba shi daidai wa daida, babu babba babu ƙarami, don haka kowace jiha ta tashi da kimanin miliyan 258. Kashi 30 kuma bisa yawan jama'a ne. A ƙidayar 2006 Kano na da mutum miliyan 9.4, Bayelsa miliyan 1.7, saboda haka daga wannan ɓangare Kano za ta sami kusan miliyan 470, Bayelsa kusan miliyan 85. Sauran kashi 30 ya rabu goma-goma: faɗin ƙasa da yanayinta, da ma'aunin ci gaban al'umma kamar ilimi da lafiya, da ƙoƙarin jiha wajen tara nata harajin.

"Idan haka ne, me ya sa ƙaramar jiha kamar Bayelsa ke fin Kano samun kaso?"

Saboda biliyan 13 ɗin nan da aka ware tun farko. Jihohi 36 ne ke raba biliyan 23.2, amma biliyan 13 jihohi ƙalilan ne ke raba shi, gwargwadon man da aka haƙo a kowacce. Jihar da ta samar da kashi ɗaya cikin biyar na man za ta karɓi biliyan 2.6 daga nan kaɗai, abin da ya ninka ribar da Kano ta ci ta hanyar yawan jama'a fiye da sau biyar. Shi ya sa Delta da Ribas da Akwa Ibom da Bayelsa ke yawan zama a saman jeri.

Kafin mutum ya ce an yi rashin adalci, ya kamata ya san cewa a ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1963 rabin kuɗin ma'adinai ake mayar wa yankin da aka haƙo su. Mulkin soja ne ya yi ta zaftare wannan kaso har ya kusa ƙarewa, kafin a tsaida shi a kan aƙalla kashi 13 a 1999. Mutumin Neja Delta da ya ga gonarsa da kogin da yake kamun kifi a ciki sun lalace da malalar mai yana da hujja idan ya ce an rage masa. A ganina, abin da ya fi cancantar Arewa ta damu da shi shi ne ƙarancin abin da jihohinta ke tarawa a gida, domin jihar da ba ta iya biyan albashi sai kaso ya iso, duk ranar da farashin mai ya faɗi ma'aikatanta ne ke fara ji a jika.

"Harajin VAT da aka yi ta cece-kuce a kansa fa?"

VAT haraji ne da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidimomin da aka saya. Asusunsa daban, lissafinsa daban. A da tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun rage na tarayya zuwa 10, na jihohi ya koma 55. Rigimar ta taso ne a kan yadda jihohi za su raba nasu. Manyan kamfanonin sadarwa da bankuna suna biyan harajin ne daga hedikwatarsu, mafi yawa a Legas, alhali wanda ya sayi katin waya a Gusau shi ya biya shi daga aljihunsa. An tsaya a kan rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Adalcin wannan kashi 30 ya dogara ne kacokan a kan ko kamfanoni za su bayar da sahihin bayanin inda suka yi ciniki.

"An ce ƙaramar hukumarmu na samun miliyoyi, amma ko rijiya ba mu gani ba. Ina kuɗin ke maƙalewa?"

Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi ba ya zuwa hannunsu kai tsaye. Yana sauka ne a asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, inda gwamnatin jiha ke cire albashin malaman firamare da fansho da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, sauran kuma ta saki abin da ta ga dama. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba wadda kantoma ke riƙe da ita maimakon zaɓaɓɓen shugaba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Mai son gane gaskiyar lamarin garinsu yana da hanya. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu wata-wata. A jadawalin jihohi a duba adadi biyu, jimillar kaso da kuma abin da ya rage bayan an cire bashi, domin bashin waje da wasu basussukan cikin gida tun daga Abuja ake cire su. Jihar da tazarar adadin biyu ta yi faɗi ta riga ta ci kasonta na gobe. A jadawalin ƙananan hukumomi kuma a ɗauki adadin watan, a je sakatariya a tambayi ma'aji nawa ya shigo asusunsu a wannan wata.